Taken imel ga shugaban da ba shi da lokaci: me ake fara rubutawa?

Abu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka saba tura wa manya imel a wurin aiki. Kwangilar kamfanin da ke gyara mana na'urorin buga takardu za ta ƙare ranar Juma'a. Dole darakta ta sa hannu a takardar sabuntawa, ni kuma in mayar wa kamfanin kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis. Idan lokacin ya wuce, sai an koma an bi matakan sabuwar kwangila tun daga farko. Darakta kuwa daga wannan taro take faɗawa wancan, kuma a waya take duba saƙonninta. Yau Litinin, ban aika ba tukuna. Ga abin da na shirya in sa a layin `Subject`:

"Dangane da batun sabunta kwangilar gyaran na'urorin ofis wadda ake buƙatar sa hannunku kafin Alhamis"

Wani abokin aikina ya ce in share duka in rubuta "GAGGAWA!!! Don Allah a duba". Wanne ya fi, ko kuwa akwai wanda ya fi su duka biyun?

Zinariya_22: Wa alaikumus salam. Na abokin naka zan ɗauka. Mutum mai aiki da yawa ba ya karanta dogon take, amma ido ba ya tsallake manyan baƙaƙe.

Tsohon_Sakatare: Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan, taken naka yana da duk abin da ake buƙata, illa dai an jera shi a baibai. Ka ce a waya take dubawa. Waya ba ta nuna take gaba ɗaya a jerin saƙonni, layi ɗaya take ba shi, ta yanke sauran ta sa ɗigo uku. Yawan abin da ke fitowa ya danganta da faɗin wayar da girman rubutun da mai ita ya zaɓa, amma ka ɗauka haruffa talatin da wani abu ne, tare da sararin da ke tsakanin kalmomi. To ƙirga naka. "Dangane da batun sabunta kwangilar" haruffa 34 ne. A nan wayar za ta yanke. Abin da darakta za ta gani tsakanin taro da taro shi ne wani ya rubuto game da wata kwangila. Ba za ta ga cewa hannunta ake jira ba, ba za ta ga Alhamis ba. Abubuwa biyun da za su sa ta buɗe su ne ka kai ƙarshe, inda ba a gani.

Kuma "Dangane da batun" kaɗai ya ci maka haruffa 17 idan aka haɗa da sararin bayansa, wato rabin gurbin, alhali bai gaya mata komai ba. Kowane imel dangane da wani batu ne.

Da ni ne, ga yadda zan juya shi:

"Sa hannu kafin Alhamis 12 na rana: sabunta kwangilar gyaran firinta"

Abin da ke gaban ɗigo biyun haruffa 33 ne. Ko an yanke sauran, ta san abin da za ta yi, ta san zuwa yaushe.

Zinariya_22: Amma Baba Sakatare, ai "gaggawa" ma tana nuna cewa lokaci ya matse, kuma ta fi gajarta.

Tsohon_Sakatare: Tana nuna cewa ya matsi mai aikowa, 'yata. Ba ta gaya wa mai karɓa inda zai ajiye aikin a cikin makonsa ba. Gaggawa ta minti goma ce, ko ta yau, ko ta kafin ƙarshen wata? Wanda yake da taro huɗu a gabansa ba zai iya tsara komai da wannan kalmar ba. Idan ya ga Alhamis ƙarfe 12, nan take zai ce to, Laraba da yamma ina da sarari.

Hajiya_Mai_Sashe: Bari in yi magana a matsayin wadda ake tura wa irin waɗannan saƙonni, domin ina riƙe da sashe kuma kusan kowace takarda sai ta bi ta hannuna. Idan na fito daga taro na buɗe waya, ba karatu nake yi ba, rabawa nake yi. Wannan yanzu, wannan anjima, wannan sai na zauna a gaban kwamfuta. Sunan mai aikowa nake fara gani, sai taken, sai ɗan layin farko na saƙon da ke fitowa a ƙasa. Da waɗannan ukun nake yanke hukunci, ban buɗe komai ba.

Wanda ya rubuta GAGGAWA zan buɗe nasa, ba na musu. Amma idan na buɗe na tarar abin zai iya jira har wani mako, gaba in na ga sunansa da kalmar nan ba zan bar abin da nake yi ba. Kuma ba fushi ba ne, kawai na gane ma'aunin gaggawarsa ba irin nawa ba ne. Wanda ya sa rana da lokaci kuwa, ya ba ni abin da zan gwada da sauran ayyukana. Har ina jin ya girmama lokacina.

Abu ɗaya zan ƙara wa Malam Abu Hanan. Tunda layin farko na saƙon yana fitowa a ƙarƙashin taken, kada ka bari doguwar gaisuwa ta cinye shi. Ka yi gaisuwa a gajarce, jimla ta gaba ta faɗi abin da zai faru idan ba a sa hannun ba. Take ya faɗi aiki da lokaci, layin farko ya faɗi dalili.

Ɗan_Talla: Ni sana'ata ke nan, tura saƙonni ga dubban masu saye. Sirrin shi ne kada ka faɗi komai a take. Ka bar mutum cikin son sani. Misali "Kada wannan ya wuce ki" ko "Tambaya ɗaya kawai". Ka ƙara ɗan hoton agogo a gaba. Idan ka faɗi komai a waje, me zai sa ta buɗe?

Maman_Ilham: Malam Ɗan Talla, ina ganin ba irin wannan imel ɗin ake magana ba. Kai baƙi kake rubuta wa, burinka su buɗe. Shi shugabarsa yake rubuta wa, burinsa ta sa hannu. Da za ta karanta taken kaɗai ta kira shi ta ce kawo takardar, ai buƙata ta biya ko ba ta buɗe ba.

Ɗan_Talla: Na ji. Amma dai yawan buɗewa shi ne ma'auni, kuma na ga bambanci a alƙalumana.

Injiniya_Bash: Ko a fagen talla ma alƙaluman buɗewa sun daina zama abin dogaro sosai. Tun 2021 da Apple ya fito da `Mail Privacy Protection`, manhajar imel ɗinsu tana sauke hotunan saƙo da kanta, har da ɗan ƙaramin hoton da ake ɓoyewa don gane an buɗe. Sai lissafi ya nuna an buɗe alhali mutum bai duba ba. Amma wannan wata maganar ce, mu koma kan ta ofis.

Kanwar_Lissafi: Ni abin da ya tsaya min a taken Baba Sakatare shi ne kalmar farko. "Sa hannu" kamar umarni ne. Ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa darakta "Sa hannu kafin Alhamis"? Wallahi ni ba zan iya ba, hannuna ma ba zai danna ba. A wurinmu za a ce yaron nan ba shi da ladabi.

Tsohon_Sakatare: Kin yi gaskiya, kuma gyaran ba shi da wuya. A sa "Neman" a gaba:

"Neman sa hannu kafin Alhamis 12 na rana: kwangilar gyaran firinta"

Haruffa shida aka ƙara. Yanzu "na rana" yana iya faɗawa cikin abin da za a yanke, amma "Neman sa hannu kafin Alhamis 12" haruffa 31 ne, zai fito a yawancin wayoyi. Kalma ɗaya ta mayar da umarni roƙo. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ɗebo "Ranki ya daɗe, cikin girmamawa ina roƙon" a zuba a take. Wurin wannan cikin saƙo ne, kuma a can a yi shi yadda ya kamata.

Kanwar_Lissafi: To da "Neman" hankalina ya kwanta. Amma har yanzu sanya wa babba wa'adi yana min nauyi.

Hajiya_Mai_Sashe: Ƙanwata, ba ke kika sanya wa'adin ba, kwangila ce ta sanya shi. Ke sanarwa kike yi. Abin da zai ɓata min rai shi ne in ji ranar Juma'a cewa abu ya wuce, kuma wanda ya san ranar ya ɓoye min ita saboda kunya.

Sani_Mai_Sito: Ni dabarata daban ce. Idan ainihin wa'adi Alhamis ne, Talata nake rubutawa. Manya ba sa yin abu sai a ƙurarren lokaci, gara ka bar wa kanka rata.

Maman_Ilham: Barin rata daidai ne, amma kada ka kira ta wa'adin kamfani idan ba shi ba ne. Ranar da shugaba ya buɗe takardar ya ga kwanan da ke ciki ya saɓa da wanda ka sa a take, duk kwanan da za ka rubuta nan gaba sai ya ƙara masa kwana biyu a ransa. Ka koma inda mai GAGGAWA yake. Abin da nake yi shi ne in sa ranar da ni nake buƙatar abin a take, in bayyana gaskiya a ciki. A misalin Abu Hanan, idan yana buƙatar lokacin ɗaukar hoton takardar da aikawa, ya sa "kafin Laraba 4 na yamma" a take, a ciki ya ce kamfani zai rufe karɓa Alhamis ƙarfe 12, shi ya sa yake son ta zo hannunsa Laraba. Ya sami ratarsa, bai yi ƙarya ba.

Sani_Mai_Sito: Idan ta ga Alhamis a ciki ai sai ta jira Alhamis ɗin.

Maman_Ilham: Tana iya jira. Amma ta jira da saninta, kuma ta san abin da ke kan gaba.

Zinariya_22: Wani abu kuma da na ji, wai kalmomi irin su gaggawa da alamar motsin rai da yawa suna sa saƙo ya faɗa `Spam` kai tsaye. In haka ne to na janye maganata ta farko.

Injiniya_Bash: Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba kai tsaye ba ne. Matatun saƙo na yanzu ba kalma ɗaya suke kallo su yanke hukunci ba. Sun fi duba daga ina saƙon ya fito, ko adireshin ya tabbatar da kansa ta hanyoyin da ake kira SPF da DKIM, da kuma yadda mutane suka saba yi da saƙonnin wannan mai aikowa, suna buɗewa ne ko suna kai ƙararsa. Manyan baƙaƙe da tarin alamomi suna iya ƙara wa saƙo nauyin zargi, musamman daga baƙon adireshi. Amma Abu Hanan da darakta a ma'aikata ɗaya suke, da wuya kalma ɗaya ta jefa saƙonsa can.

Haɗarin da na fi gani na mutum ne, ba na na'ura ba. Ma'aikatu da yawa suna horar da ma'aikatansu cewa saƙon da ke matsa maka ka yi sauri, bai faɗi takamaiman abu ba, kuma ga takarda a maƙale, to alamar 'yan damfara ce. Yanzu dubi taken da aka ba Abu Hanan shawarar sawa: "GAGGAWA!!! Don Allah a duba", ga fayil a maƙale, ana neman sa hannu. Kamanninsa ɗaya da abin da aka ce mata ta guje wa. Taken da ya ambaci kwangilar da ta sani da ranar da za ta iya tabbatarwa ya fi kama da na mutumin gida.

Abu_Hanan: Na gode ƙwarai. To alamar nan ta ja fa da ake dannawa a Outlook? Ina tunanin in haɗa da ita.

Injiniya_Bash: `High Importance` kake nufi. Idan ita ma da Outlook take karantawa, za ta ga jar alamar motsin rai a gefen saƙon. Idan da Gmail take karantawa, ba za ta ga wannan jar alamar ba. Gmail yana da tasa alamar muhimmanci mai ruwan ɗorawa, kuma shi yake sanya ta bisa lura da waɗanda mutum ya saba buɗe saƙonsu da amsa musu, ba mai aikowa ke sanyawa ba. Saboda haka ka danna idan kana so, amma ka rubuta taken kamar alamar ba za ta fito ba.

Bintu_Ayyuka: Ni ban yarda aiki da lokaci ne ya kamata su zo farko a ko'ina ba. Shugabanmu yana kula da ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma da sunan aiki yake tunani. Idan ya zauna, sai ya rubuta sunan aikin a wurin bincike, misali

```
subject:firinta
```

ya bi duk abin da ya fito ya gama da su. Ya ce mana kowane take ya fara da sunan aikin, sannan abin da ake so. Wato nasa zai zama "Kwangilar firinta: neman sa hannu kafin Alhamis 12". Idan duk saƙonni suka fara da "Neman sa hannu", in ya dubi jerin a waya duk iri ɗaya zai gani, bai san wanne ne na wane aiki ba.

Tsohon_Sakatare: Bincike zai kamo kalmar ko a farko take ko a ƙarshe, don haka wannan ba hujja ba ce. Amma hujjarki ta biyu tana da ƙarfi. Idan mutum saƙonni goma na neman sa hannu suke zo masa a rana, kalmar da ta bambanta su ita ce sunan aikin. Sai dai ki lura da abin da kika sadaukar: a naki, waya za ta yanke wajen "neman sa hannu", ranar ta ɓace.

Bintu_Ayyuka: To a gajarta. "Firinta: sa hannu kafin Alhamis 12". Komai ya shiga.

Kanwar_Lissafi: Kin cire "Neman" ɗina!

Bintu_Ayyuka: Dole wani abu ya fita, 'yar'uwa, gurbin ba ya ɗaukar duka. A wurinmu shugaban ne da kansa ya nemi a riƙa rubutawa haka, don haka ba wanda yake ganin rashin ladabi. Inda ba a yi wannan yarjejeniyar ba, ban ce a kwaikwaye mu ba.

Hajiya_Mai_Sashe: Ni dai ranar nake so in gani kafin sunan aiki. Amma na san takwarorina da suka fi son yadda Bintu ta faɗa. Malam Abu Hanan, kai ka san daraktarka. Dubi yadda ita take rubuta nata taken idan ta aiko muku saƙo, yawanci yadda mutum yake rubutawa haka yake son karantawa.

Garba_Waje: Nawa lamarin ya ɗan bambanta, ku taimaka. Ni daga wani kamfani nake rubuta wa abokan hulɗa. Na ga amsar da wani ya dawo min da ita, sai na tarar tsarinsu ya liƙa `[EXTERNAL]` a gaban taken da na rubuta. Ga kuma `RE: FW: RE:` da suka taru. Kafin a kai ga maganata gurbin ya cika.

Injiniya_Bash: Haka ne, wasu ma'aikatu suna sa wa duk saƙon da ya shigo daga waje wannan tambarin, kuma ba ka da ikon cire shi. Haruffa 11 yake ci tare da sarari. Idan ka san abokan hulɗarka suna da shi, ka ɗauka haruffa ashirin da 'yan kai kawai gare ka, kalmomi uku ko huɗu na farko su ɗauki nauyin. Tarin `RE:` da `FW:` kuwa kana iya share na baya ka bar ɗaya.

Tunda ka tado maganar, ga abin da ya fi wannan cin mutane. Ana cikin doguwar musaya mai taken, a ce, "Rahoton taron wata", sai a amsa ta tara wani ya saka buƙatar sa hannu. Taken bai canza ba. Shugaba ya riga ya karanta saƙon farko, ya sa a ransa cewa rahoto ne kawai, duk amsar da ta biyo baya sai ya tsallake. Buƙatar tana nan a akwatinsa, amma a ƙarƙashin sunan da ya ce masa ba sai ya duba ba. Yadda za ka gane hakan ta faru: mutumin da ya saba amsa maka da wuri ya yi shiru, kuma in ka duba sai ka ga taken da ke kan saƙonka na wata tsohuwar magana ne.

Idan magana ta canza, take ya canza. A Gmail na kwamfuta, idan ka danna amsa, akwai 'yar kibiya a saman hagu na akwatin rubutun, a cikinta za ka ga `Edit subject`. Ka sani cewa da zarar ka canza take, Gmail zai raba saƙon ya mai da shi sabuwar musaya. A irin wannan hali abin da kake so ke nan, ya fito a matsayin sabon abu. Tsohuwar maganar za ta biyo a ƙasa idan ba ka share ta ba.

Garba_Waje: To idan tunatarwa zan yi a kan buƙata ɗaya fa? In canza take ko in bar shi?

Maman_Ilham: Ni ina barin sa, in amsa a kan saƙon farko don takardar da bayanin su kasance wuri ɗaya. Idan taken farko yana da rana a ciki, ai yana ci gaba da aiki. Shi ya sa ba na son "yau" ko "gobe" a take. Ka rubuta "kafin gobe" ranar Laraba, ta buɗe waya ranar Alhamis da safe, ta ga "gobe", ta ɗauka tana da sauran kwana. Ko "Alhamis" ɗin ma, idan akwai yiwuwar saƙon ya kwana har wani mako, gara a haɗa da kwanan wata, a ce "Alhamis 14". Kuma a rubuta sunan wata idan ana hulɗa da wata ƙasa, domin 3/4 wani zai karanta 3 ga Afrilu, wani 4 ga Maris.

Tsohon_Sakatare: A nan na ɗan saɓa miki, Maman Ilham. Idan taken farko mai kyau ne, a bar shi. Amma idan an kai safiyar ranar ƙarshe ba amsa, ni sabon take nake yi, kuma a wannan karon kaɗai nake sa "yau", tare da ranar: "Yau Alhamis 12 na rana za a rufe: sa hannun kwangilar firinta". Saƙon da ya shiga ƙarƙashin tsohuwar musaya ido ya riga ya saba da shi. Kuma idan awa biyu suka rage, imel ya gama nasa, a tashi a je ofishinta ko a kira mai taimaka mata.

Maman_Ilham: Sabon take yana raba takardu gida biyu, Baba. Wata shida nan gaba mai neman tarihin kwangilar zai sami rabi.

Tsohon_Sakatare: Zai sami duka idan kalmar "firinta" tana cikin duka biyun. Amma na yarda akwai asara.

Ɗan_Talla: Wata dabara: ka sa `Re:` a gaban sabon saƙo ko da ba amsa ba ce. Mutum zai ɗauka maganar da ya riga ya shiga ce, sai ya buɗe.

Hajiya_Mai_Sashe: Don Allah kada kowa ya yi wannan. An taɓa min, na ɓata lokaci ina neman saƙon farko da babu shi. Da na gane, ban sake ɗaukar saƙon mutumin da muhimmanci ba.

Injiniya_Bash: Kuma tunda talla kake yi, Malam, ka sani a Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ta hana take mai yaudara a imel na kasuwanci. Idan kana da masu karɓa a can, abin ya wuce maganar ladabi.

Ummu_Sirri: Na karanta duka, ina tare da masu cewa a faɗi abu ƙarara. Amma ni a sashen kula da ma'aikata nake, kuma akwai iyaka. Take yana fitowa a fuskar waya ko tana kulle, yana fitowa a kusurwar kwamfuta lokacin da shugaba yake nuna allonsa ga mutanen taro. Ba zan rubuta sunan ma'aikaci tare da "takardar gargaɗi" ko "hutun rashin lafiya" a take ba. Abin da nake yi shi ne in bar aiki da lokaci, in ɓoye batun: "Neman amincewa kafin Laraba 4: batun ma'aikaci, na sirri". Ta san nauyinsa, ta san ranar, wanda ke gefenta bai san ko wane ne ba. Na kwangilar firinta ba shi da wannan matsalar, amma kada wani ya ɗauki shawarar nan ya zuba komai a waje.

Bintu_Ayyuka: Wannan kuwa ya fi ƙarfin tsarinmu na fara da sunan aiki. Zan kai maganar wurin shugabanmu, domin akwai ayyukan da sunansu ma bai kamata ya fito a allo ba.

Abu_Hanan: Allah ya saka da alheri. Na duba tsoffin saƙonnin darakta kamar yadda Hajiya ta ce, na ga ita da abin da take so a yi take farawa. Zan tura da "Neman sa hannu kafin Laraba 4 na yamma: kwangilar gyaran firinta", in bayyana wa'adin Alhamis a jimlar farko bayan gaisuwa. Sauran tambaya ɗaya. Akwai mataimakinta da mai kula da kuɗi da zan saka a `Cc`. Su ba hannunsu ake nema ba. Taken ba zai ruɗa su ba?

Kanwar_Lissafi: Zai iya. Ni da nake sashen kuɗi, in na ga "neman sa hannu" sai na buɗe in ga ko nawa ne. Ka sa "darakta" a ciki mana.

Tsohon_Sakatare: In ya sa "Neman sa hannun darakta", ranar ta fita daga gurbin, ga kuma nauyin kiran ta da muƙaminta a saƙon da ita ake aika wa. Ni zan tura mata nata ita kaɗai da mataimakin, tunda shi aikinsa ne ya tuna mata. Mai kula da kuɗi a tura masa nasa daban da "Don sanarwa: ana sabunta kwangilar firinta, ba a buƙatar komai daga gare ku".

Kanwar_Lissafi: Saƙo biyu a kan abu ɗaya? Mu a wurinmu an fi son kowa ya ga abin da aka tura wa kowa, saboda in an zo bincike a ga cewa sashen kuɗi yana cikin saƙon da aka nemi sa hannun, ba wani na gefe ba. Malam Abu Hanan, ka fara tambayar mai kula da kuɗin naku wanne suke ajiyewa a fayil kafin ka raba.